Kundin bibiyar mai ba da wasa: tikiti nawa kafin a ce gwani ne?

17 ga Agusta, 2024

Jiya aka buɗe gasar Firimiya ta Ingila, yau na buɗe kundin nan. Akwai wani mutum a wani zauren WhatsApp da ke ba matasa wasannin da za su buga caca a kai, yana karɓar kuɗin rajista duk wata, kuma ɗan yayata na cikin masu rantsuwa da shi. Hukuncin caca a addini sananne ne, yaron ma ya sani. Abin da yake kafa hujja da shi shi ne wai wannan ba caca ba ce, ilimi ne, tunda mutumin ya san ƙwallo. To ilimi ana iya gwada shi, kuma lissafi ne sana'ata. Zan bi mutumin har ƙarshen kaka a kan takarda, ba tare da na sa ko sisi ba.

Ƙa'idojin da na kafa tun kafin in ga sakamako ko ɗaya: duk wasan da ya bayar zan rubuta shi kafin a take ƙwallo, tare da farashinsa na lokacin, wato od, lambar da ake ninka kuɗin da ka sa da ita in ka ci. Kowane wasa zan ɗauka an sa masa ₦1,000, ba ƙari ba ragi. Zan ɗauki wasanni ɗai-ɗai kawai, masu fuska biyu, irin Over 2.5 da Under 2.5, wato a ci ƙwallo uku ko fiye a wasan ko kuma ƙasa da haka, waɗanda farashinsu ke kusa da 1.90. Don sauƙi, da 1.90 zan yi duk lissafin.

Sai kuma layi na biyu. Duk wasan da ya zaɓa, zan jefa kwabo ni ma in zaɓi fuska ɗaya da shi. Kwabo bai san Arsenal ba, bai san wane ne ya ji rauni ba. In har mutumin gwani ne, dole wata rana layinsa ya rabu da layin kwabo. Wace rana ce, shi ne abin da nake son sani.

Abu ɗaya da ya kamata a fara fahimta. Idan kamfani ya ba da 1.90 a kowace fuska ta wasan da yake rabi da rabi, farashin gaskiya 2.00 ne. Wanda ya buga sau 100 ya ci 50, ya zuba ₦100,000 ya karɓi ₦95,000. Dubu biyar ɗin nan ita ce ladan kamfani. Kafin mutum ya dawo da uwar kuɗinsa ma sai ya riƙa cin wajen kashi 52.6 cikin 100, domin 1 a raba da 1.90 shi ke nan abin da yake bayarwa.

1 ga Satumba, 2024

Wasa 20, ya ci 14. A takarda ribar ₦6,600 ke nan. Kwabo ya ci 9, ya faɗi da ₦2,900.

Yaron ya zo da murnarsa: "Kawu, ka gani ko? Kashi saba'in fa!" Na ce na gani, zauna mu duba.

Tambayar da nake yi wa kowane sakamako ita ce, da kwabo ne ya yi wannan aikin, sau nawa zai kai haka? A jefa kwabo sau 20, samun 14 ko fiye yana faruwa kamar sau 6 cikin 100. Ba kullum ba ne, amma ba abin a yi shela ba ne. Kuma akwai abin da ya fi wannan nauyi. Ba ni na zaɓo mutumin nan daga cikin duhu ba. An kawo mini shi ne saboda ya riga ya yi suna. Masu ba da wasa a Telegram da WhatsApp ba su ƙirguwa. A tara mutum 1,024 kowa ya yi canke sau goma a jere, ba tare da ɗayansu ya san komai ba, lissafi ya ce a sa ran mutum ɗaya zai dace duka goman. Shi za a ji labarinsa, shi zai buɗe zaure ya fara karɓar kuɗin wata. Sauran dubun sun yi shiru sun koma harkokinsu. Wannan ne dalilin da ya sa ban ɗauki hotunan tsofaffin tikitin da yake yaɗawa a bakin komai ba. Abin da ya faru daga ranar da na buɗe kundi kaɗai nake ƙirgawa.

27 ga Oktoba, 2024

An cika 100. Ya ci 58, riba ₦10,200. Kwabo ya ci 54, kuma abin dariya, shi ma yana kan riba ta ₦2,600.

Yau zan tsaya a kan wannan, don nan ne zuciyar aikin. Sakamakon caca yana da abu biyu a cikinsa. Akwai gangara, wato inda yake nufa a hankali: ga kwabo, asarar ₦50 a kowane wasa. Akwai kuma lilo, wato yadda yake kai da kawowa a kan hanya. A farashin 1.90, lilon wasa ɗaya ya kai kusan ₦950, domin ko dai ka ci ₦900 ko ka rasa ₦1,000. Ka ga lilo ya ninka gangara sau goma sha tara. A wasa ɗaya, ko goma, gangarar ba ta ganuwa sam.

Abin da ke ceton mai lissafi shi ne su biyun ba sa girma tare. Gangara tana girma daidai da yawan wasanni: wasa 100, asarar ₦5,000, wasa 400, asarar ₦20,000. Lilo kuwa yana girma ne da √n, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka yawan wasannin. Wasa 100, √n ɗinsa 10 ne, lilo ₦9,500. Wasa 400, √n ɗinsa 20, lilo ₦19,000. An ninka wasanni sau huɗu, lilo sau biyu kawai ya ninku. Saboda haka a wasa 100 lilo ya kusa ninka gangara, a 400 sun yi kunnen doki, daga nan gangara ta fara rinjaye.

Ga yadda abin yake a aikace ga wanda bai san komai ba. Bayan wasa 20, kusan mutum 41 cikin 100 suna kan riba. Bayan wasa 100, kusan 31. Bayan 400, kusan 15. Bayan 1,000, kusan 5. Ke nan in ka shiga shagon caca ka tarar da mutum uku da kowannensu ya buga sau ɗari da ka, ɗaya daga cikinsu zai iya nuna maka riba da gaskiyarsa, ba ƙarya yake yi ba. Kwabona yau yana cikin irin waɗannan.

Juya abin kuma. A ce akwai gwani na haƙiƙa da ke cin kashi 55 cikin 100, wanda a wannan harka babban gwani ne, don ribarsa ₦45 ce a kowace ₦1,000. Bayan wasa 100, damar a same shi cikin asara ita ma kusan 31 cikin 100 ce. Wato a wasa ɗari, jahili ɗaya cikin uku yana kama da gwani, gwani ɗaya cikin uku yana kama da jahili. Da wannan ma'auni ba za ka iya yanke wa kowa hukunci ba.

To 58 ɗin mutuminmu fa? Lilon kwabo a jifa 100 shi ne 5 sama ko ƙasa da 50. Al'adar masu lissafi ita ce ba a fara ɗaukar sakamako da muhimmanci sai ya yi nisan lilo biyu, wato a nan 60. Bai kai ba. Kwabo kan kai 58 ko fiye kamar sau 7 cikin 100. In aka faɗa ta wata fuskar, abin da 58 cikin 100 ke gaya mana shi ne ainihin ƙarfinsa yana wani wuri tsakanin kashi 48 da kashi 68. A cikin wannan fili akwai mai asara, akwai kuma gwanin da duniya ba ta taɓa gani ba.

A farkon watan nan Hisba ta rufe shagunan caca da dama a Kano. Zauren bai ko girgiza ba, don a waya ake komai.

8 ga Disamba, 2024

Ya faɗi bakwai a jere. An yi ta zagi a zaure, wasu sun fita. Yaron ya ce, "Kawu, ko dai hannunsa ya mutu ne?"

A nan dole in kare mutumin, ko da ban yarda da sana'arsa ba. Gwanin da ke cin kashi 55, in ya buga sau 1,000, a sa ran zai gamu da faɗuwa wajen takwas a jere ko sau ɗaya ne. Bakwai a jere ba ta tabbatar da ba shi da ilimi ba, kamar yadda 14 cikin 20 ba ta tabbatar yana da shi ba. Masu zaginsa yau su ne masu yi masa kirari a Satumba, kuma da hujja iri ɗaya.

Abin da ya fi damuna daban ne. Wasanni biyu daga cikin bakwai ɗin sun ɓace daga zauren, an goge saƙon. Suna nan a kundina. Kuma ya fito da sabon salo, bayan wasa ya ci sai ya ce ai wannan shi ne wanda ya ce a ninka masa kuɗi. A cikin wasa ɗari, goge faɗuwa biyar kawai yana mayar da mai cin 50 cikin 100 ya zama mai cin 50 cikin 95, wato kashi 52.6, daidai bakin riba. Ƙaramin maguɗi ya isa ya haifar da duk gwanintar da ake nema, shi ya sa yawan wasanni ba ya amfani in ba a rubuta su kafin a fara ba.

2 ga Fabrairu, 2025

Wasa 250. Ya ci 136, kashi 54.4, riba ₦8,400. Kwabo ya ci 121, asara ₦20,100. Filin ya ɗan tsuke, yanzu tsakanin kashi 48 da 61 ne, amma har yanzu 50 na ciki.

Na zauna na fitar da amsar tambayar da na fara da ita. Tambayoyi biyu ne a haɗe, kuma mutane na cakuɗa su.

Ta farko, shin ya fi kwabo? In ainihin ƙarfinsa kashi 55 ne, tazararsa da kwabo maki 5 ce, kuma sai a wasa 400 lilo biyu ke tsukewa zuwa maki 5. Amma fin kwabo ba riba ba ne. Mai cin kashi 52 ya fi kwabo, kuma talaucewa yake yi a hankali.

Ta biyu ita ce ta kuɗi, shin ya fi ladan kamfani? Ga ƙa'idar:

```
n = (2 × lilo ÷ riba)²
```

Lilon wasa ɗaya ga mai kashi 55 kusan ₦945 ne, ribarsa ₦45. A raba 945 da 45, a sami 21. A ninka biyu, 42. A ninka 42 da kanta, 1,764. Wasa 1,764 ke nan kafin ribar da ake sa ran ya tara ta kai lilo biyu. Kuma ko a nan akwai tarko: a daidai wannan adadi, gwanin zai tsallake gwajin ne rabin lokaci kawai, don sakamakonsa na iya faɗowa ƙasa da abin da ya cancanta. In ana son a kama shi sau takwas cikin goma, sai an ninka adadin, wajen 3,500. Mutuminmu yana ba da kamar wasa goma a mako, wajen 400 a kaka. Adadin farko kaka huɗu da rabi ne, na biyu kusan tara.

Duba kuma yadda ƙa'idar take da mugunta. Riba tana ƙasa, kuma ana ninka sakamakon da kansa. In ribar ta ragu da rabi, wasannin da ake buƙata sun ninku huɗu. Gwanin da ribarsa ₦20 ce a dubu, wanda ya fi kama da abin da ake samu a duniya, yana buƙatar wajen 9,000.

Ba yau aka fara cin karo da wannan ba. Masanin lissafi Jacob Bernoulli, wanda aka buga aikinsa a 1713 bayan rasuwarsa, shi ya fara tabbatar da cewa yawan gwaji yana kusantar da sakamako ga gaskiya. Da ya gwada misali ɗaya don ya ga gwaji nawa ake buƙata a kai ga tabbacin da ya gindaya, sai ya sami 25,550. Shi kuwa John Kerrich, malamin lissafi daga Afirka ta Kudu da aka tsare a Denmark lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya jefa kwabo sau 10,000 a tsare, fuska ɗaya ta fito sau 5,067. Kason ya matso kusa da rabi ƙwarai, amma rarar 67 tana nan. Kwabo ba ya biyan bashi. Yawan jifa ne ke narkar da rarar a cikin kaso, ba wai ɗayar fuskar ce ke ramawa ba. Masu cewa "na faɗi bakwai, na takwas dole ya ci" a nan suke ɓata.

16 ga Maris, 2025

Azumi ya rage hayaniyar zauren. Na samu lokacin duba tikitin da na ƙi sawa a kundi, wato masu haɗa wasanni da yawa, waɗanda a gaskiya su yara suka fi bugawa.

Lilo yana ƙaruwa da farashi. A farashin 5.00 lilon wasa ɗaya ya kai wajen ₦2,000 a kowace dubu, don haka mai riba irin ta ₦45 ɗin nan yana buƙatar wajen wasa 8,000. Tikitin da aka haɗa wasa goma masu 1.90 kuwa farashinsa kusan 613 ne, damar cinsa ɗaya cikin 1,024. Ladan kamfani ya taru sau goma, har ya zama a kowace ₦1,000 kusan ₦600 ce ke dawowa a dogon zango. Mai buga irin wannan tikiti ɗaya kullum zai iya shekara biyu bai ci ba, ko ya ci a makon farko, kuma babu ɗaya daga ciki da ya faɗi wani abu game da saninsa. Wanda ya ce "wasa ɗaya ne ya yanke min" yana jin kamar ya kusa. Cin tara cikin goma ya ninka cin goma duka sau goma wajen yawan faruwa, don haka shi ne abin da aka saba gani. A wannan nau'i rayuwar mutum ba ta isa a tara adadin da za a yi hukunci da shi ba, shi ya sa ban ma fara ba.

Tun daga wasa na 251 na ƙara layi na uku a kundi, wato farashin rufewa, wanda ake gani dab da take ƙwallo. Dalili shi ne a manyan gasanni, zuwa wannan lokaci an san 'yan wasan da za su fito, kuma manyan masu kuɗi sun riga sun tura farashi inda suke ganin ya dace. Shi ne ƙiyasi mafi kusa da gaskiya da ake da shi a fili. In mutum yana ganin abin da kasuwa ba ta gani da safe, ya kamata zuwa yamma kasuwar ta biyo shi. Wasan da ainihin damarsa kashi 55 ce, da ladan kamfani iri ɗaya, farashinsa wajen 1.73 ne. Ke nan gwanin da ya ce a ɗauka a 1.90, sai a riƙa ganin farashin yana gangarowa wajen 1.73 kafin a fara. Amfanin wannan ma'auni shi ne ba ya jiran ƙwallo ta shiga raga ko ta bugi turke. Motsin farashi ƙarami ne in aka kwatanta da ci ko faɗuwa, don haka lilonsa kaɗan ne, kuma tazara irin wannan za ta bayyana cikin wasanni gommai, ba dubbai ba.

Yana da iyaka. A ƙananan gasanni kuɗi kaɗan ke motsa farashi, har mabiyan mai ba da wasan da kansu na iya saukar da shi, sai ya zama kamar kasuwa ta gaskata shi alhali inuwarsa ce. Kuma ba hujja ce yankakkiya ba, shaida ce. Amma mutuminmu manyan gasannin Turai yake bayarwa, don haka ma'aunin ya dace da shi.

26 ga Mayu, 2025

Jiya aka rufe Firimiya. Na tsaya a wasa 400 cif. Ya ci 213, kashi 53.25, riba ₦4,700 a kan ₦400,000 da aka juya. Kwabo ya ci 197, asara ₦25,700, kusa da ₦20,000 da lissafi ya yi hasashe.

Yaron ya duba ya ce, "To Kawu, ai dai bai faɗi ba, kuma ya ba kwabonka ratar dubu talatin." Haka ne. Sai dai kowane layi yana da lilon ₦19,000 na kansa, kuma in ana kwatanta layi biyu lilon tazararsu ya kai wajen ₦27,000. Ratar dubu talatin lilo ɗaya ne da 'yan kai. Filin ƙarfinsa yanzu tsakanin kashi 48 da 58 ne. Kwabo na ciki, bakin riba na 52.6 na ciki, gwani mai 55 ma na ciki. Abin da kaka guda ta iya kawarwa shi ne kashi 70 da ake yi masa kirari da shi, da ma duk wani abu sama da 60. Kuma ₦4,700 ɗin ba a cire kuɗin rajistar wata tara ba.

In aka cire wasa 100 na farko, a sauran 300 ya ci 155, kashi 51.7, ƙasa da bakin riba. Ban kafa hujja da wannan ba, don yanka kundi a inda ya yi maka daɗi shi ne irin abin da na hana shi yi.

Layi na uku ya fi magana. Cikin wasa 150, farashi ya sauka bayan ya bayar sau 71, ya hau sau 68, bai motsa ba sau 11, kuma matsakaicin farashin rufewa bai bar wajen 1.90 ba. Babu alamar gangarowa zuwa 1.73, ko rabin hanya. A ganina wannan mutum ne da ya san ƙwallo daidai yadda kasuwa ta san ta, wanda a farashin 1.90 ma'anarsa asarar ₦50 a dubu. Zato ne mai ƙarfi, ban kira shi tabbas ba.

Zan ci gaba a kaka mai zuwa da ƙa'idoji iri ɗaya. Na rubuta tun yau cewa ba zan sake yin hukunci ba sai a wasa na 800, komai daɗin da layin ya yi ko munin da ya yi a tsakani, domin wanda ke leƙa sakamako kowane mako yana jiran ranar da ya tsallake lilo biyu, zai iya samun ranar ko da kwabo yake bi. A 800 filin zai tsuke zuwa maki uku da rabi kowane gefe. Yaron ya karɓi aikin rubuta farashin rufewa, tunda shi ne ba ya rabuwa da waya a lokacin wasa.